Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Kamfaninmu Kan Takardar Mura da Aka Liƙa a Ƙofar Sito

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Manaja, tare da sauran shugabannin sassa, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da sanyin nan na hunturu. Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama da duniya lafiya.

Ni ne mai kula da sito a reshenmu na Sabon Garin Zariya, bana shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da makullin nan. Ba bakina kaɗai na ara ba. Masu lodi, direbobi, masinja, masu shara, masu gadi da ƙananan ma'aikatan ofis ne suka zauna bayan sallar la'asar suka ce in rubuta, tunda ni nake tsakanin ofis da sito, ina jin na kowa. Mun zaɓi wasiƙar ta zama a buɗe domin abin da ke damunmu yana damun ma'aikata da yawa a garin nan, daga PZ har Kwangila, ba don mu tona wa kowa asiri ba. Shi ya sa ban kama sunan kamfani ko na wani mutum ba.

Ranar Litinin da ta wuce muka tarar da takarda a allon sanarwa, da wata a ƙofar sito. Ta ce duk wanda ba shi da lafiya ya zauna a gida. Ta ce a rufe baki da hanci da tishu ko gwiwar hannu lokacin tari da atishawa, a riƙa wanke hannu da sabulu, a daina taɓa ido da hanci da baki, a riƙa goge tebura da mariƙin ƙofa, sannan a je a yi allurar rigakafi. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma mun gode da aka tuna da mu. Damuwarmu ita ce layin farko na takardar ya ci karo da wata doka da ta girme shi a kamfanin nan, kuma duk ranar da suka haɗu, tsohuwar dokar ce ke yin nasara.

Dokar ita ce ta na'urar dangwala yatsa da ke bakin ƙofa. Wanda bai dangwala ba kafin ƙarfe takwas da rabi, ranar nan ta faɗi. In ma'aikacin dindindin ne, a zaftare masa a albashi sai ya kawo takardar likita. In mai lodi ne da ake biya kullum, babu ma zancen takarda, ya yi asarar yinin ke nan. Ku duba lissafin da mai lodi yake yi a kan tabarmarsa da asuba, jiki na rawa. Ladansa na yini naira 3,000 ne, kuma da shi za a yi cefanen dare. In ya zauna, babu su. In ya ce zai nemo takardar likita, ga kuɗin keke napep zuwa da dawowa, ga kuɗin kati, ga layin da zai cinye masa rabin yini a kan benci tare da wasu marasa lafiya. Sai ya ga abin da zai kashe wajen tabbatar da cewa ba shi da lafiya ya kusa kai abin da yake neman cetowa. A gefe guda kuwa ga farasitamol na kuɗi kaɗan a kyamis ɗin bakin layi. Ya haɗiyi biyu, ya ɗaura rawani a fuska, ya taho. Ba taurin kai ba ne, Ranka ya daɗe. Ko ni ne a matsayinsa abin da zan yi ke nan, kuma na taɓa yi.

Ina so in tuna muku abin da ya faru a watan Janairun bara, domin rajistar sito tana hannuna kuma na koma na duba ta kafin in rubuta wannan. Ranar Litinin ta ƙarshen wata kashiyanmu ya zo aiki da zazzaɓi. Tun daren Lahadi abin ya buge shi, amma ƙarshen wata ne, ana jiran takardun biya, kuma ya san ranar da bai zo ba za a cire ta. Na shiga ofishin lissafi da rana kai takardar kaya na same shi ya kife kansa a kan tebur, ya sa rigar sanyi biyu, hankicinsa a jiƙe kusa da na'urar ƙirga kuɗi. Mutum shida ne a ɗakin, tagogi duka a rufe saboda ƙura, har an cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Duk direban da ya dawo daga kai kaya sai ya tsaya a gabansa ya miƙa kuɗi, ya karɓi biro ɗaya ya sa hannu. Ranar Talata ma ya zo. Laraba jiki ya ƙi, ya kwanta. A yammacin Larabar nan mutum biyu daga ɗakinsa suka fara rawar ɗari. Kafin Juma'a direba ɗaya da masinja sun bi su. Mako na gaba uku daga masu lodi suka kwanta. Mutum takwas ke nan har da shi, kuma da na haɗa kwanakin da suka yi ba su zo ba, kwana 26 na samu. Motar da ke kai kaya Giwa ta yi kwana biyu a ajiye babu mai ja. Ɗaya daga cikin matan ofishin tana da ciki wata bakwai a lokacin, sai da aka kwantar da ita a asibiti. Allah ya kiyaye, ta haihu lafiya, amma mun ga tashin hankali.

Da an ce wa kashiyan nan tun Litinin ya yi zamansa kwana huɗu ko biyar ba tare da an taɓa albashinsa ba, da abin da kamfani zai biya ke nan. Tazarar da aka samu tsakaninsa da waɗanda suka biyo baya ma ta yi daidai da halin cutar, domin daga lokacin da ƙwayar infuluwenza, wato murar nan mai tsanani da ke zuwa da zazzaɓi, ta shiga jikin mutum zuwa lokacin da zai fara jin ta, yawanci kwana biyu ne, tana iya kaiwa daga ɗaya zuwa huɗu. Kuma mai ɗauke da ita ya fi yaɗa ta a kwana uku zuwa huɗu na farko. Wato ranakun da dokar dangwale ke tilasta wa mutum ya daure ya zo, su ne ainihin ranakun da ya fi zama haɗari ga na kusa da shi. In ya yi kwana biyu yana fama sannan ya kwanta, kamar yadda kashiya ya yi, an riga an yi ɓarnar.

Na san za a ce doka ce ta zo da zancen takardar likita, kuma gaskiya ne. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci haƙƙin a biya shi har kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar. Ba mu musa ba. Sai dai wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta, ba ta hana mai kamfani ya sauƙaƙa ba. Kuma da yawa daga cikinmu ba su ma san da kwana 12 ɗin ba sai da na karanta musu a zaman nan na la'asar. Takardar da ta ce mu zauna a gida, ita ya kamata ta fara gaya mana wannan.

Kuka na biyu shi ne takardar ba ta faɗi wace rashin lafiya take nufi ba. Da Turanci aka rubuta ta, ga alama daga wani wuri aka kwafo, kuma fiye da rabin masu lodi ba sa karanta Turanci. Da na fassara musu na ce mai mura ya zauna a gida, sai wani dattijo a cikinsu ya yi dariya ya ce to a rufe siton kawai sai bazara. Yana da gaskiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu, wa za ka samu a Zariya ba ya jan majina? Hazo ne, ƙurar buhu ce, sanyin asuba ne a kan babur daga Ɗanmagaji ko Samaru. Mu Hausawa duk mura muke ce musu. Amma wadda takardar ke nufi daban take. Mura ta yau da kullum a hankali take zuwa, hanci ya toshe, a yi atishawa, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, mutum yana ci yana sha yana aikinsa. Infuluwenza kuwa kwatsam take faɗo wa mutum. Da safe lafiya lau, kafin azahar zazzaɓi ya rufe shi, ga rawar ɗari, ga ciwon kai, gaɓoɓi kamar an yi masa dukan tsiya, ga busasshen tari, ga kasalar da ko buta ba ya son ɗagawa. Ba raina ta ake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duk shekara ta hanyar cutar numfashi, kuma ta fi tsananta ga masu ciki, tsofaffi, ƙananan yara, da masu asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila. Duk muna da irinsu, in ba a wurin aiki ba to a gida.

In ba a ja layi a fili ba, abu biyu ne za su faru. Mai son hutu zai fake da majina, shugabanni su fara zargin kowa. Mai tsoron zargi kuma zai zo da zazzaɓinsa. Layin da ma'aikatan lafiya suka saba amfani da shi mai sauƙi ne: zafin jiki da ya kai digiri 38 tare da tari. Mai wannan ya zauna. Mai majina kawai, jikinsa da ƙarfi, ya zo ya sa takunkumi ya kiyaye hannunsa.

Takardar ba ta kuma faɗi ranar dawowa ba, alhali nan ne ake yawan kuskure. Ƙa'idar ita ce mutum ya cika awa 24 babu zazzaɓi, kuma ba don ya sha farasitamol ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne jigon maganar. Farasitamol yana sauke zafin jiki na 'yan sa'o'i, ba ya kashe ƙwayar cutar. Wanda ya sha da ƙarfe bakwai, ko an auna shi a bakin ƙofa da ƙarfe takwas ba za a ga komai ba, sai azahar jiki ya dawo da shi inda yake. Saboda haka in har ana tunanin sayo ma'aunin zafi a ba maigadi, kamar yadda aka yi a 2020 lokacin korona, a sani ba zai kama wanda ya ƙudurta shiga ba. Tari kuwa yana iya bin mutum mako biyu ko fiye bayan ya warke, don haka bai kamata a kori wanda zazzaɓinsa ya tafi don kawai yana ɗan tari ba.

Akwai abin da wanda ya rubuta takardar bai yi la'akari da shi ba, domin da alama ba don ƙasa irin tamu aka tsara ta ba. A nan zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki suna iya zama maleriya, ko a hunturu. In aka ce wa mutum kawai ya kwanta a gida ya sha ruwa, alhali maleriya ce, an cuce shi. In kuma infuluwenza ce ya je kyamis aka haɗa masa maganin maleriya da antibayotik, ya yi asarar kuɗinsa, domin antibayotik ba ya taɓa ƙwayar bairos. Gwajin maleriya na ɗigon jini a yatsa bai wuce minti 15 zuwa 20 ba, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa. Ya kamata takardar ta ce a yi shi. Ya kamata ta kuma faɗi alamomin da ba a zama da su a gida: numfashi ya yi wuya, ƙirji na ciwo, mutum ya rikice ko ya kasa shan ruwa, ko zazzaɓi ya tafi sannan ya dawo da tari mai tsanani. Mai ciki da mai ciwo na dindindin kuwa kada su jira waɗannan, su ga likita tun a kwana biyun farko, domin maganin da ake bayarwa na infuluwenza ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48.

Na uku, zancen wanke hannu. Ranka ya daɗe, ina roƙonka ka zagayo bayan sito ka ga inda ake so mu wanke hannun. Famfon da ke jikin bango ya fi shekara bai ɗiga ba. Ruwan da muke da shi jarka huɗu ce da mai ruwa ke kawowa da safe, daga ita ake sha, a yi alwala, a shiga bayi. Kafin la'asar ta ƙare. Sabulu kuwa tun wanda aka sayo lokacin korona ban sake ganin wani ba, bokitin mai famfo na lokacin ma yanzu tsummokin goge mota ake zubawa a ciki. An ce a cuɗa hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Da wane sabulun? Ga randar ruwan sha da moɗa ɗaya ɗaure da igiya, mutum talatin ke kafa baki a kanta. Ga ita kanta na'urar dangwalen, wadda kowa ke danna wa yatsa da safe, wanda ya share majina da wanda bai share ba, sannan a wuce wurin mai ƙosai. Ban taɓa ganin an goge ta ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gyaran ba shi da tsada, kuma rabin aikin an riga an yi. Yawancinmu muna zuwa wurin alwala sau biyu a lokacin aiki, azahar da la'asar. Ba sai an koya wa kowa zuwa wurin ruwa ba. A ajiye sabulu a nan kawai, mutum ya wanke hannu da shi kafin ya fara alwalarsa. 'Yan'uwanmu Kirista ma a nan suke wanke hannu kafin cin abinci. Limaminmu na sito ya ce shi zai ɗauki nauyin tunatarwa, har da gaya wa mai tari kada ya ji nauyin tsayawa a gefen sahu ko barin musabaha na 'yan kwanaki. Ya kawo hadisin da Annabi (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, ya ce in an kiyaye dabba haka, ɗan Adam ya fi cancanta.

Amma kada a ɗauka sabulu ya gama komai. Babbar hanyar da cutar nan ke bi ita ce iska, ta feshin tari da atishawa da ma magana, musamman ga wanda ke kusa, cikin mita ɗaya zuwa biyu, a ɗakin da iska ba ta zagayawa. Takardar ba ta ce uffan a kan taga ba. Na san dalilin rufe su, ƙurar hunturu tana lalata kwamfuta da takardu, kuma ba mai son sanyi. Sai dai ofishin lissafi da mutum shida a ciki, ga direbobi na shiga suna fita, ya zama tukunya a rufe. Hazo ya fi yawa wasu ranakun fiye da wasu, kuma ko buɗe taga biyu masu kallon juna na ɗan lokaci sau da yawa a yini yana canza iskar ɗaki. Haka gidan gaba na mota, inda direba da yaran mota biyu ke matsuwa gilashi a rufe daga nan har Ikara.

Zancen allurar rigakafi ba zan tsawaita ba. Allurar infuluwenza duk shekara ake sabunta ta, kuma ba ta cikin jerin rigakafin da ake yi wa jama'a kyauta a asibitocin gwamnati. Rubuta wa mai lodi cewa ya je ya yi, ba tare da an gaya masa inda ake yi da wanda zai biya ba, cika takarda ne kawai.

Ga abin da muke roƙo.

A ba kowane ma'aikaci damar zama a gida har kwana uku saboda zazzaɓi da tari ba tare da takardar likita ba kuma ba tare da an taɓa albashinsa ba, ya dai kira shugaban sashensa kafin ƙarfe takwas. In ya wuce uku, ya kawo takarda, domin a lokacin ma ya kamata likita ya gan shi. In ana tsoron a yi wasa da damar, a ƙayyade ta sau biyu a shekara, mu ma za mu sa ido a kan junanmu, domin wanda ya yi ƙarya mu yake bar wa lodinsa.

Masu lodi da ake biya kullum a sa su a ciki. In cikakken lada ya yi wa kamfani nauyi, a ba su ko rabi ne. Su ne suka fi kowa dalilin zuwa da ciwo, kuma su ne suka fi cuɗanya.

A ba shugabannin sassa izini a rubuce su sallami wanda zazzaɓi ya kama a bakin aiki, ranar kuma a lissafa masa ita cikakkiya. A horar da mutum na biyu da zai iya riƙe aikin kashiya da nawa, don kada wani ya sake jin cewa in ya kwanta komai zai tsaya. Ni a shirye nake in koyar.

A ƙara jarka biyu a kan huɗun nan, a dawo da bokiti mai famfo wurin alwala da bakin ofis, a sa sabulu cikin kayan da ake saye duk wata kamar yadda ake sayen takarda da biro. A ajiye sanitaiza mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60 cikin ɗari kusa da na'urar dangwale. A cire moɗar nan, kowa ya zo da kofinsa. A ajiye kwalin takunkumi a wurina don mai tari, zan riƙa rubuta abin da ya fita.

A ƙarshe a sauke takardar a sake rubuta ta da Hausa da Turanci, a sa mata alamomin da ake zama a gida saboda su, da ƙa'idar awa 24, da gwajin maleriya, da alamomin zuwa asibiti, da zancen taga, sannan a rubuta a samanta cewa ba za a cire wa mara lafiya kuɗi ba, Manaja ya sa hannu. Fassarar Hausar na riga na yi, tana cikin aljihun teburina.

Muna roƙon a ba wakilanmu uku lokaci su zauna da ku kafin ƙarshen makon nan, domin ƙarshen wata ya matso, kuma tun jiya biyu daga cikin yaran mota suka fara tari.

Allah ya ƙara girma, ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Naku cikin girmamawa,
Mai kula da sito, a madadin ƙananan ma'aikata,
Sabon Gari, Zariya.